Mota ta tashi a kan lokaci, amma ya tarar da ita da zafi

Oga, Alhajin nan mai shago a Tashar Dukku ya dawo. Na sa masa lokaci a manhajar waya motar ta kunna esi ƙarfe 1:30, ya fito ƙarfe 2 ya same ta kamar tanda. Gas ne ya ƙare?

Kada ka taɓa gas tukuna, ɗana. Motar ta yi aikinta, lissafin lokacin ne bai zauna ba.

Motar fetur ba ta sanyi sai inji na juyawa, don shi ke jan kwamfireso. In an tada ta daga waya, 'yan mintuna take yi ta kashe kanta. A Ford za ka ga `Duration`, zaɓinsa minti 5, 10 ko 15 ne kawai, wasu motocin kuma 10 ne iyakarsu. To ka lissafa: ta tashi 1:30, ta mutu 1:45, sannan ta yi kwata guda a rufe cikin ranar Afrilu ta Gombe, lokacin da zafin waje ke kai 40. Kujeru da dashbod ba su gama hucewa ba, su ne suka mayar da zafin. Ka mayar da lokacin 1:50, ya iske ta tana aiki.

Sai ka shiga saitin motar kanta. Akwai `Auto`, akwai `Last Settings`. Na biyun yana maimaita yadda direba ya bar esi ne. In da asuba ya kashe shi saboda sanyi, inji zai tashi ya ƙona mai a banza. Ka zaɓi `Auto`, in manhajar na karɓar lamba ka ba ta 22 ko 23. Mutanenmu na son `LO`, wato ƙarshen sanyi, suna ganin ya fi sauri. Ba wani bambancin kirki, domin `Auto` ma da iyakar ƙarfinsa yake farawa, sai ciki ya huce ya sassauta fanka.

Abin da ya fi damuna shi ne kafet da dardumar da ake shimfiɗawa a dashbod. Akwai ɗan ƙaramin ido a gindin gilashin gaba mai auna rana. Aka rufe shi, mota ta ɗauka inuwa take, ta rage sanyi. Ɗaga ka duba.

In wata rana motar ba ta tashi ba sam, duba bonet da ƙofofi sun rufu, giya na `P`, akwai mai, batir bai yi rauni ba, kuma wurin da ya ajiye ta akwai sabis na waya.

Ka kuma faɗa wa Alhaji da bakinka, ranar da za ta kwana a garejin gida a rufe, ya cire lokacin daga manhajar. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar da ba ta wari, tana kuma kisa.