Mili nawa zan sa, kuma wane irin gilashi?

"Maigida, wani ya ba ni aikin gilashin gaban shago da tagogi huɗu da teburin cin abinci mai tsawon mita 1.8 da faɗin santimita 90. Ya ce in yi masa duka da gilashi mai kaurin mili 6 don ya fi sauƙi. In yi?"

Kai ma ka faɗa ramin da na faɗa ke nan, sai dai ni a lokacina babu wanda zan tambaya. Ajiye wayar nan ka saurare ni, don ba zan maimaita ba.

Tagogin ba abin magana ba ne. Ƙaramar taga mili 4 ta ishe ta, wadda ta kai mita ɗaya ka sa 5, in ta wuce haka ko tana bene inda iska ke dukanta ka sa 6. Mili 3 na firam ɗin hoto ne, kada in gan shi a tagar mutane. Yadda ake awo da yadda ake jan dayamon ɗin yankan gilashi kuwa, in har yanzu sai an koya maka to shekarun da ka yi a wurina sun tafi a banza.

Gaban shagon nan shi ne ya tayar mini da tsohon miki. Na taɓa yi wa wani mai sayar da kayan lantarki irin aikin, gilashi ɗaya, tsawo mita 2.4, faɗi mita 1.8. Na ce masa wannan aikin mili 10 ne tamfad, wato gilashin da aka gasa a wuta don ya jure duka da zafi. Ya tambayi kwana nawa, na ce sai an kai awo kamfani sun yanka sun gasa, a ba shi kwana goma. Ya ce shi nan da kwana uku zai buɗe shago. Ya yi ta magiya, ya ce maƙwabcinsa mili 6 aka sa masa shekara biyu ke nan ko gezau, kuma shi mai duhu yake so, tintad, don shagon ya yi kwarjini. Ni kuma ina ganin aikin zai kuɓuce mini, kwaɗayi ya ja ni na yarda zan sa masa mili 6 wanda ba a gasa ba. Ya ba da rabin kuɗi, sauran sai an gama.

Ranar ɗaurawa muka tarar mai walda ya yi firam ɗin a karkace, kusurwa ɗaya ta matse da kusan mili 4. Abin da ya kamata shi ne in ce a gyara ƙarfen. Amma mai shago yana tsaye a kaina yana duba agogo, sai na ɗauki filaya na ɓantare bakin gilashin kaɗan-kaɗan har ya shiga. Bakin ya zama kamar haƙorin zarto, na cusa shi cikin firam, silikon ya rufe, babu mai gani. Na san abin da na yi, na ce Allah ya rufa asiri.

Sati uku aka yi ya kira ni da sassafe yana zage-zage, wai na sa masa jabun gilashi ya tsage da kansa. Da na isa ban ce masa komai ba, na durƙusa na bi tsagar da ɗan yatsa har inda ta faro. Wannan ka koya, don ita ce shaidarka ranar rigima. Tsagar da dutse ko duka ya yi tana da cibiya, layuka na fita daga wuri ɗaya kamar saƙar gizo-gizo. Tsagar zafi ba ta da cibiya. Daga bakin gilashi take tasowa, ta fito a miƙe sak kamar an ɗora sukwaya, sai ta yi ɗan yatsa ɗaya ko biyu sannan ta fara lanƙwasa tana yawo, wani lokaci ta rabu biyu. Wadda na gani ke nan, kuma daga daidai wurin da na ɓantare ta taso.

Na ɗaga kai na ga sauran labarin. Shagon gabas yake kallo. Mutumin ya manna wata baƙar sitikar talla a rabin gilashin, ya jera kwalaye a bayansa sun manne da shi, ga rumfa ta yi wa saman inuwa. Da safe ƙarfen firam yana da sanyi, bakin gilashin da ke cikinsa ma haka, rana kuma ta bugi tsakiya. Gilashi mai duhu shan zafi yake yi, sitika ta ƙara masa, kwalaye sun hana iska ta kwashe. Tsakiya tana so ta buɗe, baki ya ƙi, sai tsakiyar ta ja bakin har ya yage. Ɗanyen gilashi, wanda ba a gasa ba, in bambancin zafi tsakanin wuri da wuri a jikinsa ya kai wajen digiri 40 ya shiga haɗari, in bakin ya ji rauni ma ba ya jira a kai can. Tamfad yana jure wajen digiri 200. Ka ga ko da na sa masa ɗanyen mili 10 ban tsira ba, don kauri ba ya maganin tsagar zafi.

Na yi masa wannan bayani, ya ce shi bai san zancen digiri ba, shi dai ni ne gwani, me ya sa na yarda na sa abin da na san zai fashe? Maganar da muka yi ta mili 10 ya ce sam ba a yi ba, kuma babu takarda babu shaida. Don kare sunana na sa aka gyara firam, na sayo mili 10 tamfad fari da kuɗina. Nauyin gilashi kilo 2.5 ne a kowane murabba'in mita a kan kowane mili ɗaya, wannan kuwa murabba'in mita 4.32 ne, kilo 108 ke nan. Mu huɗu muka ɗauke shi, duk ni na sallami masu ɗaukar. Da aka gama mai shagon ya zagaya ya ƙwanƙwasa shi da zobe ya ce yanzu ne na yi aikin da ya biya. Ragowar kuɗina har yau ban ga ko ƙwandala ba. Ribar wata biyu ta tafi a gilashi ɗaya, kuma in na bi ta layin ina ganin gilashin nan nawa a tsaye lafiya lau, raina ya yi ta ɓaci.

Ku yaran yanzu kun ɗauka lamba ce komai, ku ji an ce mili kaza ku ruga ku yanka. Kauri daban, iri daban, kowanne da abin da yake hanawa. Kauri shi ke hana lanƙwasa, kuma ba a hankali yake ƙaruwa ba: mili 10 ya fi mili 6 tauri fiye da sau huɗu da rabi, alhali bai ninka shi a kauri ba. Gasa gilashi kuwa ba ya ƙara tauri ko kaɗan. Mili 6 tamfad mai girman wancan zai riƙa lotsawa in ka tura shi da hannu daidai yadda ɗanyen zai yi. Abin da gashin ke yi shi ne ya sa ya jure duka sau huɗu zuwa biyar, ya jure zafi, in ya fashe kuma ya zube ƙanana kamar tsakuwa. Ɗanye wuƙaƙe yake zama, dogaye, na ga wanda ya yanke wa mutum jijiyar hannu. Shi ya sa ƙofa, da duk gilashin da ya sauko ƙasa da ƙugu inda yaro zai iya afka masa, ba na sa ɗanye ko uban wa ya roƙe ni.

Sai dai tamfad in ya fito daga wuta ya gama. Ba a yanka shi, ba a huda shi, ka taɓa shi da dayamon ko diril ya tarwatse a hannunka. Duk ramin hannun ƙofa da na makulli a takardar awo ake sa su tun farko, ramin kada ya gaza kaurin gilashin, kuma ya nisanci baki da aƙalla kauri biyu. Kada ka aika awo sai firam ya tsaya ka auna shi sama da tsakiya da ƙasa da kusurwa zuwa kusurwa. Ka bar mili 3 zuwa 5 kowane gefe, ka zaunar da shi a kan robobi biyu, kowace a rubu'in faɗin daga gefe. Rauninsa a baki yake, ƙarfe ko kan sukuru ya taɓa bakin nan wata rana za ka ji kamar an harba bindiga. In kana shakkar abin da aka sayar maka, duba tambarin kamfani a kusurwa, ko ka kalle shi a rana da tabarau mai kashe ƙyalli, za ka ga dabbare-dabbare a jikinsa.

Ka tambayi mai shagon me zai sayar. In kayan da ɓarawo ke so ne, tamfad bugu ɗaya da abu mai tsini ya zube gaba ɗaya ya bar ƙofa a buɗe. Nan mai leda a tsakiya ya fi, laminetad, kamar na gaban mota, ya tsage amma ya tsaya a wurinsa. In ka ji an ce 6.38, mili 3 ne biyu da leda 0.38 a tsakani, kuma wannan ya yi wa babban gaban shago kaɗan, ka nemi 10.38 ko sama. Kada ka bar bakinsa ya zauna cikin ruwa, ledar fari take yi ta saki.

Teburin kuma, ka je ka ga ƙafarsa tukuna, na san ba ka je ba. In katako ne shimfiɗe gilashin zai kwanta a kai kawai, mili 6 ɗin ya isa, a goge baki, a sa 'yan robobi a ƙasa, ka kuma gaya masa kada a ɗora tukunya mai zafi a kai. In firam ne da ya riƙe gefe huɗu tsakiya fayau, mili 10 tamfad. In ƙafafu biyu ne kawai gilashin ke ɗaukar kansa, mili 12 tamfad, kuma ni ba na barin gefe ya zarce ƙafa da fiye da santimita 30, don a kan wannan gefen mutum ke dogarawa in zai tashi. Mili 12 a girman nan kilo 48 da rabi ne, ka duba ko ƙafafun za su ɗauka kafin ka yi oda. Kusurwoyin a zagaye su.

In ya dage sai mili 6 ɗanye, yi masa tagogin ka karɓi kuɗinka ka bar masa sauran. Duk abin da kuka yi magana ka rubuta, kauri da iri da launi, ya sa hannu, ka riƙe ɗaya. Gobe ka zo da awon firam ɗin in gani da idona kafin ka kira kamfani, kuma ka dawo mini da tef ɗina da ka ɗauka tun satin jiya.