Lissafin naitirojin daga fitsari: me ya sa yake yaudara?

"Majinyacinmu a ɗakin kulawa ta musamman, lissafi ya nuna kusan daidai yake, amma kullum ramewa yake yi. Ina matsalar?"

Malama, ga lissafin da aka saba, inda NB ke nufin bambanci tsakanin naitirojin da ya shiga jiki da wanda ya fita, UUN kuma naitirojin da ke cikin yuriyar fitsari:

```
NB = (furotin ÷ 6.25) − (UUN + 4)
```

A ce ya samu furotin giram 90, naitirojin giram 14.4 ke nan. Yuriyar fitsarin awa 24 ta kai 400 mmol. A ninka da 0.028, a samu giram 11.2. Sakamako −0.8, kamar lafiya lau.

To, wannan 4 ɗin ƙiyasi ne na sauran naitirojin da ke fita ban da na yuriyar fitsari, ga wanda jikinsa bai yi tsanani ba. Mai ƙuna, ko gudawa, ko ciwon da ke tsiyayar ruwa, abin da yake zubarwa ya zarce haka, kuma ba ya bi ta fitsari. Mafi muni shi ne idan ƙoda ta taɓu: yuriya na taruwa a jini, ta fitsari ta ragu, sai lissafi ya yi kyau alhali tsoka na narkewa. Duba yuriyar jininsa ta jiya da ta yau; in tana hawa, kada ki yarda da sakamakon. Ki kuma tabbatar ba a zubar da ledar fitsarin dare ba.

Kafin a taɓa abincinsa, ki tuntuɓi masanin abinci da likitan ƙoda.