Iyakar Kuɗi a Akawun ɗin Caca: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam na sa iyakar zuba kuɗi dubu 2 a rana, jiya aka cinye ni na so in ƙara sai manhajar ta ce in jira awa 24, ya zan yi in tsallake?

Ɗan'uwa ba za ka tsallake ba, kuma wallahi ko da hanya ba zan nuna maka ba. Da gangan aka yi shi haka, in rage iyakar za ka yi nan take take aiki, in ƙarawa ce sai ka jira, galibi awa 24, wasu kamfanonin ma har kwana 7. Ranar da ka sa dubu 2 ɗin nan hankalinka a kwance yake, jiya kuwa ranka a ɓace, wayar ta yi zafi a hannunka, babu abin da kake gani sai ramuwa. Wannan neman ramuwar shi ke kwashe albashin mutane a dare ɗaya, kuma zafin ba ya daɗewa, in ka kwana ka tashi yawanci ya huce. Jiran dama don ka huce ne.

Abin da ya fi damuna ma lissafinka ne, kai kana ganin dubu 2 ba komai ba ce, to a kwana 30 dubu 60 ke nan fa! Shiga sashen Responsible Gambling ko Safer Gambling a manhajar, ka danna Deposit Limit, wato iyakar zuba kuɗi, ka zaɓi na wata, kullum shi nake cewa a fara sawa, ka rubuta abin da in ya tafi ba zai taɓa cefane ko kuɗin haya ba. Kuma iyakar nan a akawun ɗaya kawai take aiki, in ka je ka buɗe wani a wani kamfani ka rusa komai da hannunka. In ka ga zuciyarka na raya maka hakan to ya wuce maganar iyaka, ka danna Self-Exclusion su rufe maka ƙofar, ka kuma gaya wa wani na kusa da kai.

Tambaya: Na zuba dubu 10, ta kai dubu 35, duk ta tafi, iyakar ba ta tsayar da ni ba.

Deposit Limit abin da ya shigo daga banki kawai yake ƙirgawa. Loss Limit kake buƙata, wato iyakar asara, da ka sa dubu 4 da an tsayar da kai da saura dubu 6 a ciki. Amma lura, yawanci sai sun cire abin da ka ci kafin su lissafa asara, ribar ba ta da kariya ke nan, cire ta zuwa banki da zarar ta shigo.

Tambaya: Wani saƙo na fito min a tsakiyar wasa, ya zan kashe shi?

Reality Check ne Hajiya, bar shi. Mai wasa ba ya sanin tafiyar lokaci, saƙon kuma yana nuna miki tsawon zaman da kika yi, wasu har da abin da ya tafi. Mayar da shi duk minti 30, in ya fito ki karanta ki ajiye wayar ki miƙe tsaye kafin ki danna komai.