Maƙwabcina yana sayar da bulo da araha, in karya nawa farashin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin gidan bulo a bayan garin Kano, inji ɗaya, muna buga inci tara kamar 600 a rana. Wani mai injuna uku da tifarsa ya buɗe kusa da ni, yana sayarwa naira 620, ni kuma 700. Ciniki ya ja baya. In sauko in same shi ne, ko in tsaya a kan inganci, ko in nemi wasu masu saye na daban?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka sauko. Hanyoyi ukun da ka lissafa su ne waɗanda masanin kasuwanci Michael Porter ya fayyace a 1980: ka fi kowa sauƙin kuɗin sarrafa kaya, ko ka bambanta kayanka har a yarda a biya ƙari, ko ka keɓe wani ɓangare na kasuwa ka riƙe shi. Ta farkon ba ta mai inji ɗaya ba ce, kuma lissafi zai nuna maka dalili.

Zan ƙaddara farashi don misali, kai sai ka sa naka na yau. A ce buhun siminti naira 10,000 ne, kana fitar da bulo 30 a buhu. Siminti ya ci 333 a kowane bulo ke nan. A ce yashi 150, leburori 60, man inji da ruwa 40. Jimla 583. Idan biyar cikin ɗari suna fashewa tsakanin bugawa da lodi, kowane lafiyayyen bulo ya tsaya maka kusan 614. A 700 kana da ribar 86. A 620 ribarka naira 6, ba ka cire hayar fili ba, ba ka cire gyaran inji ba. Ranar da injin ya tsaya, uwar kuɗi za ka taɓa.

Shi maƙwabcin naka yana iya ɗaukar tirela guda ta siminti, buhu 600, a yi masa ragi. Ko ragin 500 aka yi masa a buhu, naira 17 ce kawai a bulo. Tifarsa kuma ta rage masa kuɗin yashi da na kai kaya, a ce 40 ko 50. Wannan sauƙi ne na gaskiya, kuma ba ka da hanyar samunsa. Hanya ɗaya da ta rage wa ƙaramin mai bulo ita ce ya ja siminti, ya mai da buhu ya fitar da 45 maimakon 30, ya tsira da naira 111 a kowane bulo. Ina roƙonka kada ka bi nan. Wannan bulon katangar gidan wani zai zama, 'ya'yansa za su kwana a gindinta da damina.

Kafin komai, aiki yaro ya sayo maka bulo biyar a wurinsa. Ka kankare gefen ɗaya da ƙusa ka ga ko yashi na zuba kamar gari. Ka jiƙa ɗaya a ruwa ya kwana. Ka ɗaga ɗaya zuwa ƙugu ka sake shi a ƙasa mai tauri. Ka yi wa naka haka a gefe guda. Idan nasa ya ruguje naka ya tsaya, ka san inda arahar ta fito. Idan kuwa nasa ma ya tsaya, to abokin gasar gaske ka samu, sai ka ƙara nisantar faɗan farashi da shi.

Tsayawa a kan inganci kuma yana da nasa ƙalubalen, domin mai saye ba ya ganin ƙarfin bulo da ido ranar saye. Kowane gidan bulo cewa yake nasa ya fi. Saboda haka sai ka ba mutum abin da zai iya riƙewa. Ka sa alamar gidanka a jikin bulon. Ka rubuta ranar bugawa a kowane layi da fenti, kada ka saki bulon da bai samu ban ruwa safe da yamma na aƙalla kwana bakwai ba; siminti sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa, kuma bulon da rana ta busar a kwana biyu ya riga ya yi asara ko da simintinsa ya isa. Ka kai samfuri sashen injiniyan gine-gine na jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha a matse shi a inji, a ba ka takarda, ka gwada da ma'aunin ingancin bulo na NIS 87 na hukumar SON mai kula da ingancin kaya a Najeriya. Sannan ka yi alkawarin da mai jan siminti ba zai iya yi ba: duk wanda ya fashe kafin a sauke shi a wurin gini, kai za ka musanya.

Wannan alkawarin shi ke sauya lissafin mai gida. Idan bulon 620 yana fashewa ɗaya cikin goma, kowane lafiyayye ya kama masa kusan 689. Tazarar da yake gani 80 ta dawo 11, ga kuma simintin filasta da bango mai zubar yashi ke sha.

Sai dai ka san abin da zai ci maka. Ban ruwan kwana bakwai yana nufin bulo 4,200 na zaune a filinka kullum, kusan naira miliyan biyu da dubu ɗari shida a kwance. Yana buƙatar fili, yana buƙatar ruwan da ba ya yankewa a watan Afrilu. Idan ba ka da rijiyar burtsatse ko tanki, fara da nan kafin ka yi wa kowa alkawari.

Kuma ba kowa ne zai biya ƙarin ba. Wanda zai kewaye fili da katanga don kada a cinye masa iyaka, araha yake nema, ka bar wa maƙwabcinka shi da zuciya ɗaya. Shi ya sa shawarata ita ce ka haɗa ingancin da keɓewa: ka zama gidan bulon masu aza harsashin gini da masu bene da ƙananan 'yan kwangila da injiniya ke duba aikinsu, a cikin unguwannin da ke kusa da kai. Bulo kaya ne mai nauyi mai arha, kuɗin mota na saurin cinye ribarsa, don haka kusanci kansa jari ne. Mutum goma ko sha biyar irin waɗannan, masu dawowa, sun isa su kwashe abin da inji ɗaya ke bugawa. Ka zagaya wuraren ginin da kanka, da bulo biyu a bayan mota. Ka kuma san cewa sau da yawa birkila ne ke zaɓar gidan bulo, wani lokacin saboda ɗan abin da ake ba shi, don haka ka nemi ganin mai ginin ko injiniyansa ido da ido.

Babban haɗarin da nake jiye maka shi ne tsayawa a tsakiya: ka sauko zuwa 660, ka ja buhu zuwa 37 don ka cike giɓin. Mai neman araha zai wuce ka, mai neman ƙarfi kuma zai gane a lodi na biyu.

Ka ba tsarin wata uku, kana rubuta abu uku a littafi: buhu nawa aka fasa da bulo nawa ya fita kowace rana, nawa ka musanya, da kuma mutum nawa suka dawo saye karo na biyu. Idan adadin bulo a buhu ya fara hawa ba da saninka ba, leburori ne ke ƙara yashi don su gama da wuri, musamman in a kan yawan bulo kake biyansu, sai ka tsaya a wurin kwaɓi da kanka. Idan musanya ta wuce biyu ko uku cikin ɗari, duba ban ruwa da yadda 'yan lodi ke jifa. Idan kuma duk wannan ya daidaita amma masu dawowa ba su ƙaru ba, to masu bene sun yi kaɗan a yankinka, sai ka karkata wani ɓangare na aikin zuwa abin da maƙwabcin ba ya bugawa, kamar intalok na tsakar gida ko zoben rijiya, ka gwada da kaɗan kafin ka sayi sabon inji.