Me ya sa hotuna ke ninkuwa a Google Photos, kuma yaya ake tsayar da ajiya ba tare da asara ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Hotunan da na ɗauka a hawan Sallah da na bikin ƙanwata sun zama bibbiyu, wasu ma uku-uku, a Google Photos, har an ce wurina ya kusa cika. Ina so in tsayar da ajiyar, amma ina tsoron na baya su ɓace. Daga wata mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, domin tsayar da ajiya, wato Backup da ke ɗora hotunan waya a intanet, ba ya taɓa hoton da ya riga ya hau. Hatsarin yana wajen gogewa, kuma zan zo kansa.

Google Photos ba ya duba fuskar da ke cikin hoto kafin ya ce ya taɓa ganinsa. Abin da yake kwatantawa shi ne ainihin bayanan fayil ɗin. Idan fayil biyu sun zo daidai ba bambanci ko ƙanƙani, ɗaya yake ajiyewa, amma da zarar wani abu ya canza a ciki, to sabon hoto ne a wurinsa. Ɗauki misalin hoton dawakai da kika ɗauka a ƙofar fada. Kyamara ta ajiye shi da nauyin kamar 4 MB, ya hau. Kika tura wa yayanki ta WhatsApp, wanda ke matse hoto ya rage masa nauyi, shi kuma ya saka shi a zauren 'yan gida, wayarki ta sauke shi da suna irin IMG-20240410-WA0012.jpg, nauyinsa bai fi 200 KB ba. A idonki hoto ɗaya ne, a wurin manhajar kuwa biyu ne. In kuma kika yanke gefensa a wata manhaja ta adana kwafi, ga na uku nan. A aikina, WhatsApp ne ya fi jawo wannan matsala, musamman bayan biki, inda hoton amarya ɗaya kan dawo ta hannun mutum biyar.

Saboda haka, kafin ki kashe ajiyar gaba ɗaya, ina ba ki shawara ki fara toshe wannan ƙofar. Ki buɗe Google Photos, ki taɓa hoton asusunki da ke sama a kusurwar dama, ki shiga Photos settings, sannan Backup, sannan Back up device folders, ki kashe WhatsApp Images. Da haka hotunan kyamara za su ci gaba da hawa, na turawa kuma su tsaya a waya. Idan kuwa kin yanke shawarar tsayar da komai, a shafin nan na Backup za ki kashe makunnin da ke sama. Daga nan ki buɗe photos.google.com a burauza da adireshin Gmail ɗinki; duk abin da kika gani a can shi ne ke ajiye, ko da wayar ta faɗa ruwa. Sai dai ki sani duk hoton da kika ɗauka bayan kin kashe ajiyar gaba ɗaya a wayar kaɗai zai zauna.

Yanzu ga inda mutane ke yin asara. Ko bayan kin kashe ajiya, idan kika danna kwandon shara a cikin manhajar Google Photos, hoton zai tafi daga waya da kuma ma'ajiyar intanet a lokaci guda, domin manhajar tana nuna su ne a matsayin abu ɗaya. Idan wurin waya kike son ragewa, ki yi amfani da Free up space, wanda ke cire kwafin waya na hotunan da suka riga suka hau kawai, ko ki zaɓi hoto ki danna Delete from device. Akwai kuma wani zaɓi mai suna Undo backup for this device, wanda nake roƙonki kada ki kusance shi, saboda akasin buƙatarki yake yi: yana cire hotunan daga intanet ya bar na waya. In an yi kuskuren gogewa, hoton da ya hau yana zama a Trash na kwana 60, kuma ana iya dawo da shi cikin wannan wa'adi.

Wajen rage waɗanda suka riga suka ninku, kada ki dogara da ido, domin a ƙaramin allo na asali da matsattsen kwafi kamanninsu ɗaya. Ki buɗe kowanne ki ja shi sama, za ki ga suna da nauyi. Mai WA a sunansa kuma mara nauyi shi ne na gogewa. Amma kada ki sa rai wannan zai buɗe miki wuri mai yawa, tunda kwafin WhatsApp ashirin ne ke kai nauyin hoton kyamara ɗaya a misalinmu. Kyautar 15 GB ɗin Gmail da Google Drive da Google Photos ne ke rabonta, kuma bidiyon biki ne ya fi cinye ta, don haka ki fara dubawa ta can, a Manage storage.