Ɗan damfara ya karɓe kuɗinka? Ga aikin awa ɗayan farko

Tambaya: Malam, na tura naira 85,000 ta hannun mai POS na ƙauyenmu don sayen taki mai rahusa. Mai sayar da takin ya kashe waya. In bari sai Litinin in je banki a Haɗeja? Daga wani manomi, Kafin Hausa.

Amsa: Litinin? Malam, kafin ka tayar da babur ma an gama raba kuɗin nan. Ɓarawo ba ya barin kuɗi su kwana a inda suka sauka. Cikin mintoci yake watsa su zuwa wasu asusun, ko ya cire tsabarsu a wani shagon POS. Abin da banki zai iya riƙewa shi ne abin da ya tarar a asusun, don haka waya za ka ɗauka yanzu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mutane na ɓata wannan lokaci wajen kiran ɓarawon, wani da magiya, wani da Allah-ya-isa. Ka sanar da shi ke nan cewa ka farga, ya yi sauri ya kwashe ragowar.

Koma wurin mai POS. Daga asusunsa kuɗin suka fita, shi bankin zai saurara, kai ba su san da zamanka ba. Ya buɗe tarihin cinikin ya nemo Session ID, lamba ce mai alƙaluma 30, da ita ake bin sawun kuɗi tsakanin bankuna. Ya kira kamfaninsa a gabanka, ya faɗa musu ƙarara damfara ce, kada ya ce kuskuren turawa, domin hanyar binciken ba ɗaya ba ce. Ya ba su lambar asusun ɓarawon, sunan da ya fito, adadin kuɗi da lokaci, ya nemi a sanar da bankin da ya karɓa ya hana fitar da kuɗin. Kada ya ajiye waya sai an ba shi lambar ƙorafi.

Ɗauki hoton rasit, rubutunsa gogewa yake yi. Kada ka goge saƙonninku da ɓarawon. Sannan ka kai rahoto ofishin 'yan sanda, domin ko an riƙe kuɗin, sau da yawa sai da umarnin kotu ake maido su.

Tambaya: Wai ma'aikacin banki ne ya kira, na karanta masa OTP, wato lambar sirrin da banki ya turo mini a waya. Daga wata uwargida, Rano.

Amsa: Hajiya, rufe asusun tukuna. In bankinki Access ne danna *901*911#, in Zenith ne *966*911#, ko da wayar maƙwabciya ce. Sai ki kira lambar da ke bayan katinki. Ni tuntuni nake cewa a rubuta ta a takarda a ajiye.

Tambaya: Wani ya ce in ba shi 10,000 zai ƙwato mini kuɗina. Daga wani matashi, Gwaram.

Amsa: Ƙanen na farkon ne, in ma ba shi ba ne da sabon layi. Kada ka tura.