Zan roƙi Kawu jarin kiwon kaji, me zan rubuta masa?

Tambaya: Na gama karatu, ina zaune a Tudun Wadan Zariya ba aiki. Ina so in rubuta wa kawuna wasiƙa ya ba ni naira 300,000 in fara kiwon kajin gidan gona na nama guda 100. Yaya zan tsara ta?

Amsa: Kafin ka ɗauki biro, gyara lissafin, domin idan Kawu ya taɓa kiwo, nan zai fara kama ka. Kuɗin kiwon kaji a abinci yake tafiya. Kazar nama ɗaya tana cin wajen kilo huɗu zuwa biyar kafin ta isa yanka a mako shida zuwa bakwai, wato guda 100 za su lashe buhu 16 zuwa 20 mai kilo 25. A misali, in buhu naira 20,000 ne, abinci kaɗai ya cinye jarin ya nemi ƙari, ba ka ma sayi ɗan tsako ko ɗaya ba. Abin da ke biyo baya sananne ne: a mako na huɗu abinci ya ƙare, a koma ba su dusa, kaji su tsumbure, a sayar da su a wulaƙance.

Rage su zuwa 50. Buhu tara kenan, naira 180,000 a wancan misalin. Sauran ya tafi ga 'yan tsaki, rigakafin gumboro da lasota, gawayin ɗumama su, da mazuban ruwa da abinci. Ka shiga Sabon Gari ka tambayo farashin ranar, shi za ka rubuta. Ka kuma ɗauka biyu ko uku za su mutu.

Bayan gaisuwa da tambayar iyali, kada ka yi ta kewaye-kewaye:

"Kawu, na zaɓi kajin nama ne saboda kuɗinsu na juyawa cikin wata biyu, masu ƙwai kuwa sai sun kusa wata biyar kafin su fara. Akwai ɗaki a bayan gida, kuma na yi magana da masu gasa kaji biyu a Samaru. Ga lissafin a haɗe. Rance nake roƙo, in Allah Ya yarda zan fara biyan ku bayan zubi na biyu."

Maganar masu gashin nan, sai ka je ka same su da gaske tukuna, don Kawu na iya cewa ka ba shi lambarsu. Kuma ka fayyace rance ne, kyauta ce, ko raba riba za ku yi; rashin faɗin wannan ya ɓata zumunci da yawa. Ka sanya masa watan da za ka zuba su. Ka guji Maris da Afrilu, zafin lokacin na kashe manyan kaji, sai dai idan ɗakin naka na shan iska sosai.